Gorar zobo da ta ɓace a bayan gilashi: littafin aikin layin Kawu

Litinin, 2 ga Disamba, 2024

Wata biyu ke nan ni da ƙanena muna gina layin shagon Kawu da ke Mabera a cikin kwamfuta, yadda mutum zai buɗe shi a waya ya yi yawo a ciki kamar yana tafe da ƙafarsa. Ƙanena ne ke ƙera siffofin a Blender, ni kuma ina haɗa su a three.js, injin da ke zana su a allo. Layin ba shi da tsawo: shago ɗaya mai gilashi a gaba, dogon yaro ɗaya a bakin titi, teburin mai tsire a gefe, sai gororin zobo da kunun aya jere a kan kanta a cikin shagon. Bango da ƙasa da kanta duk sun zauna tun makon jiya, ba su ba mu wahala ba.

Yau na saka gilashin gaban shago. Tsawonsa mita 6, na rubuta masa kayan jikinsa da hannu, na ba shi launi mai ɗan kore-kore:

```js
const kayanGilashi = new THREE.MeshStandardMaterial({
  color: 0xbfe0d0, transparent: true, opacity: 0.25
});
```

Na miƙa wa ƙanena wayar don ya zaga. Bai daɗe ba ya ce, "Yaya, mi yas samu gorag ga? Ina dubanta gaba da gaba tana nan, da na juya dama sai ta tafi." Na karɓa na gwada. In kana fuskantar gilashin sak, gorar zobo tana kan kanta. Da ka ɗan karkata kyamara zuwa dama, sai ta ɓace ɗungurungum, ba a hankali ba, kamar an kashe fitila. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kantar da take kai ba ta ɓace ba, haka buhun sukari da ke bayanta. Gora kaɗai ke tafiya. Na rubuta wannan kafin in kwanta, domin ina jin a nan bakin zaren yake.

Laraba, 4 ga Disamba

Jiya babu wuta yini guda, sai na zauna da takarda da biro, kuma hakan ya yi mini amfani fiye da allon.

Injin zane na waya ba ya tuna abubuwa, ɗigo yake tunawa. Ga kowane ɗigo na allo yana ajiye abu biyu: launinsa, da kuma zurfin abu mafi kusa da aka riga aka zana a wurin. Wannan ma'ajiya ta biyu ita ce rumbun zurfi, dabarar da Edwin Catmull da Wolfgang Straßer suka bayyana, kowa nasa daban, a 1974. Duk sabon abin da ya zo sai an gwada zurfinsa da wanda ke rumbu. In ya fi kusa, ya shafe na da ya rubuta nasa zurfin. In ya fi nisa, a yar da shi. Shi ya sa bango da kanta da buhu ba ruwansu da wanda aka fara zanawa: ko ta ina aka faro, na gaba ne zai rage a ƙarshe.

Gilashi ba ya shafe abin da ke bayansa, cuɗanya yake yi da shi. Lissafin da ake yi wa kowane ɗigo shi ne wanda Thomas Porter da Tom Duff suka tsara a 1984:

```
sabo = a * launinAbu + (1 - a) * launinDaKeAllo
```

Wannan `a` shi ne alfa, wato gwargwadon yadda abu ke tare gani, daga 0 zuwa 1. Lissafin yana buƙatar a ce abin da ke baya ya riga ya sauka a allo kafin na gaba ya zo. Na gwada da lambobi masu sauƙi don in ga girman bambancin. Ɗauki farin bango, wanda ja da kore da shuɗinsa suke (1, 1, 1). A gabansa akwai jan gilashi mai alfa 0.5, a gaban jan kuma akwai koren gilashi mai alfa 0.5. In aka fara da ja, allo zai koma (1, 0.5, 0.5), kore ya hau kai ya zama (0.5, 0.75, 0.25). Kore ne ya rinjaya, kuma haka ya kamata tunda shi ne a gaba. In aka juya jerin, kore ya fara ja ya biyo, sai a sami (0.75, 0.5, 0.25), launi mai ja-ja. Gilasai biyun ba su motsa ba, jerin zanen kawai ya canza, amma launin ya zama wani daban. Na ja layi ƙarƙashin lambar ƙarshe, 0.25, domin ita ba ta canza ba a hanyoyin biyu. Rabon bango ne, kashi ɗaya cikin huɗu, ko wa ya riga zuwa.

Saboda haka three.js yakan zana duk masu tare gani da farko, sannan ya jera masu shara-shara daga na nesa zuwa na kusa, kamar mai fenti da ke fara shafa baya kafin gaba. Wannan ya bayyana mini dalilin da kanta da buhu ba su ɓace ba: sun riga gilashi sauka koyaushe. Ita kuwa gora mai shara-shara ce, layi ɗaya take bi da gilashin. Idan aka yi kuskure gilashi ya riga ta, to ya rubuta zurfinsa a rumbu, domin a three.js `depthWrite` a kunne yake ko da ka ce `transparent: true`. Gora ta zo, aka gwada ta da rumbu, aka ga akwai abin da ya fi ta kusa, aka yar da ita.

Na kashe `depthWrite` na gilashin da wuta ta dawo. Gora ta daina ɓacewa, amma matsalar ba ta tafi ba, kaya ta sake. Yanzu in ka juya dama sai launin gorar ya yi tsalle ya ƙara haske, ta yi kamar tana wajen shago, domin an zana ta a kan gilashin maimakon a ƙarƙashinsa. Har yanzu jerin ba daidai yake ba, ɓarnarsa ce kawai ta ragu.

Asabar, 7 ga Disamba

Na gano abin da ke sa jerin ya kife, kuma na iya lissafa daidai inda zai kife kafin in gwada.

Injin ba ya jera ɗigo-ɗigo. Kowane abu, komai girmansa, wuri ɗaya tak ake ɗauka a madadinsa, wato tsakiyarsa, a auna zurfin wurin ta fuskar da kyamara ke kallo. Gilashi mai mita 6 da gora mai taƙi ɗaya duk lamba ɗai-ɗai suke samu.

Ga yadda abin yake a shagonmu. Kyamara tana tsaye a waje, daidai ƙarshen gilashin na hagu, mita 1.5 daga jikinsa. Tsakiyar gilashin tana mita 3 zuwa dama. Gora tana mita 0.8 zuwa dama, rabin mita a bayan gilashi, wato mita 2 daga layin da kyamara take. In kyamara ta fuskanci gilashin sak, zurfin tsakiyarsa 1.5, na gora 2. Gora ta fi nisa, a fara da ita, komai lafiya. Amma in kyamara ta juya dama da digiri 45, sai tsakiyar gilashin da ke can gefe ta shigo gabanta sosai: zurfinta ya zama kusan 3.18, na gora kuma 1.98. A lissafin injin yanzu gilashi ya fi gora nisa, alhali ɓangaren gilashin da ke rufe da gorar yana nan kusa da hancinka. Na daidaita lissafin biyu na ga suna haɗuwa a wajen digiri 13. Na sa lambar kusurwar ta fito a saman allo, na juya a hankali, gora ta yi tsallenta a daidai wurin. Na daɗe ban ji daɗin abu irin wannan ba.

Magani biyu na gwada. Na farko, ƙanena ya yanka gilashin gida shida, kowane mita ɗaya. Yankin da ke rufe da gorar tsakiyarsa na rabin mita zuwa dama, a digiri 45 zurfinsa 1.41, ya fi 1.98 kusa, jerin ya gyaru. Yana aiki, sai dai abu ɗaya ya zama shida, kowanne da kiran zanensa, kuma bai kawar da matsalar ba, ya dai matse ta ta koma kusurwoyi masu kaifi inda ba a cika tsayawa ba.

Na biyu shi na zaɓa. Gilashin shimfiɗaɗɗe ne, ya raba duniyarmu biyu, ciki da waje. Abin da ke ɗaya ɓangaren ba zai taɓa shiga tsakaninka da gilashin ba, ko ta ina ka kalla. To ba ma buƙatar injin ya yi ƙiyasi, mu za mu gaya masa da `renderOrder`, wanda yake dubawa kafin zurfi. Gilashin yana kan z = 0, waje kuma shi ne inda z ya fi sifili:

```js
const waje = camera.position.z > 0;
kayanCiki.forEach(m => m.renderOrder = waje ? 1 : 3);
gilashi.renderOrder = 2;
kayanWaje.forEach(m => m.renderOrder = waje ? 3 : 1);
```

Da farko na kafe lambobin ban sa sharaɗin `waje` ba, sai da na shiga cikin shagon na leƙo titi na ga komai ya juye. Duk wanda zai yi amfani da `renderOrder` ya tuna cewa mai kallo yana zagayawa. Dabarar tana da iyaka guda a fili: tana aiki ne muddin kowane abu yana gefe ɗaya kacokan. Abin da ya raba ƙafa, rabi ciki rabi waje, ba shi da lambar da za ta dace da shi.

Talata, 10 ga Disamba

Gorar ita kanta ta ci mana kwana biyu. Robar gorar mai shara-shara ce, zobon da ke ciki mun ba shi alfa 0.8, kuma tsakiyarsu kusan wuri ɗaya ce, don haka suna ta musayar wuri da ɗan motsi kaɗan. Ina shirin sake jera su da hannu, sai ƙanena ya shiga gida ya ɗauko gorar zobo ta gaske daga kular Inna, ya ɗaga ta saitin taga ya ce, "Yaya, duba. Kana ganin hannuna ta bayanta?" Ban gani ba. Zobon da aka dafa da kyau duhu gare shi, sai ɗan ja a gefe-gefe inda haske ya ratsa. Kunun aya kuwa ko tambaya babu. Muka mai da su biyun masu tare gani, muka bar robar kaɗai a layin cuɗanya. Robar kuma da `side: THREE.DoubleSide` ta wadatar, domin three.js yakan zana bayan abu mai shara-shara tukuna sannan gabansa, kuma ga abu mai kumburi irin gora wannan jerin daidai yake. Abubuwa ashirin da huɗu sun fita daga layin da ke ba mu wahala, kuma gororin sun fi kama da na gaske.

Lahadi, 15 ga Disamba

Dogon yaro. Wannan shi ya fi komai ɗaukar lokaci.

Ba a ƙera ganye ɗaya-ɗaya. Ƙanena ya ɗauki hoton reshe, ya goge bayansa, ya manna hoton a kan faifai masu kusurwa huɗu kusan ɗari uku, ya soka su ta ko'ina a jikin rassan. Ya fitar da shi a glTF, irin fayil ɗin da muke loda siffofi da shi, ya zo mana da `alphaMode` a kan `BLEND`. Da muka buɗe, bishiyar ta yi kamar an juya cikinta waje: ganyen da ke can baya yana hawa kan na gaba, in ka zagaya ta sai idonka ya kasa gane wane gefe ke kusa. Inuwarta a ƙasa kuma ba ta ganye ba ce, tulin kwalaye ne baƙaƙe.

A nan jera abubuwa ba zai yi komai ba, domin duk ganyen abu guda ne a wurin injin. Ana zana faifan ne yadda suke jere a cikin fayil, kuma mai loda glTF na three.js yana kashe `depthWrite` ga duk abin da aka sa wa `BLEND`, don haka wanda ya zo ƙarshe shi ke sama. Ko da za a jera faifan ɗaya bayan ɗaya a kowane zane, suna ratsa juna, rabin wannan a gaban wancan, rabinsa a baya. Babu jerin da zai gamsar da su.

Amma tambayar da zobo ya koya mana ita ce ta fitar da mu: ganyen dogon yaro shara-shara ne? A'a. Ko dai akwai ganye a ɗigo, ko babu. Abin da muke so yanka ne, ba cuɗanya ba:

```js
ganye.transparent = false;
ganye.depthWrite = true;
ganye.alphaTest = 0.5;
```

Duk ɗigon da alfansa bai kai 0.5 ba a yar da shi gaba ɗaya, wanda ya kai a zana shi kamar bango, ya rubuta zurfinsa. Bishiyar ta koma layin masu tare gani, rumbun zurfi ya ci gaba da aikinsa ɗigo-ɗigo. Nan take ta zauna daram, inuwar ma ta zama ta ganye, da ɗigo-ɗigon rana a ƙasa irin wanda ake gani a gindinta da hantsi. A glTF wannan shi ne `MASK`, kuma `alphaCutoff` ɗinsa 0.5 ne in ba ka canza ba.

Farin cikin ya tsaya da na ja da baya zuwa ƙarshen layi. Bishiyar da take cike da ganye a kusa sai ta yi sanƙo daga nesa, kamar awaki sun bi ta kanta. Dalilin yana cikin ƙananan kwafin hoton da injin ke yi don amfani daga nesa, `mipmaps`. Kowane kwafi rabin na gabansa ne a tsawo da faɗi, kuma kowane ɗigonsa matsakaicin ɗigo huɗu ne. Ganyen dogon yaro siriri ne, ga tsinken da ke riƙe da shi. Ka ɗauki tsinke mai faɗin ɗigo ɗaya: a hoton asali alfansa 1, a kwafi na farko ya haɗu da wofi ya zama 0.5, yana bakin iyaka, a na biyu 0.25, ya faɗi. Da cuɗanya da sai dai ya dusashe, amma yanka ba ya san dusashewa.

Na sauke iyakar zuwa 0.3. Daga nesa ganye ya dawo, daga kusa kuma ya yi ƙiba, ga wani baƙin layi a gefensa. Baƙin layin laifin hoton ne: wuraren da aka goge launinsu baƙi ne a ɓoye, yana malalowa cikin gefen ganye idan an ɗauki matsakaici. Ƙanena ya shimfiɗa koren ganyen ya wuce iyakarsa zuwa cikin wofin ba tare da taɓa alfa ba, layin ya tafi. Sanƙon kuma na bi hanyar da Ignacio Castaño ya bayyana a 2010: ka ƙirga kason ɗigon da suka haye iyaka a hoton asali, sannan a kowane ƙaramin kwafi ka riɓanya alfa da wata lamba har kason ya dawo daidai da na asali. Na yi kwafin da kaina na ba injin, na kashe `generateMipmaps`, na mai da iyakar 0.5. Yanzu cikar bishiyar ɗaya ce daga gindinta har ƙarshen layi.

Saura zarton gefen ganye, wanda ke ƙyalƙyali in kana tafiya. `alphaToCoverage` ya rage shi sosai. Yana aiki ne kawai in an kunna `antialias`, inda kowane ɗigo ke da wuraren gwaji da yawa. In huɗu ne, alfa 0.5 zai rufe biyu ya bar biyu, kuma kowanne yana da zurfinsa, don haka ba a koma matsalar jeri ba. Abu ɗaya da nake sa wa ido shi ne zafin waya. Yar da ɗigo yana hana injin rubuta zurfi da wuri, tunda sai ya gama lissafin ɗigon zai san ko zai rayu, kuma faifan ganye sun taru a kan juna. Na roƙi ƙanena ya datse kusurwoyin faifan su bi siffar reshe, don wofin da ake lissafawa a banza ya ragu.

Alhamis, 19 ga Disamba

Hazo ya sauka sosai makon nan, daga ƙofar gida ba a hango ƙarshen layi, sai muka ga ya kamata layinmu ma ya samu nasa. Ƙanena ya so mu jera manyan faifai masu shara-shara a kan titi, na hana, domin kowannensu zai shiga layi da gilashi. `THREE.FogExp2` yana karkata launin kowane ɗigo zuwa launin ƙura gwargwadon nisansa, ba cuɗanya, ba jeri. Tartsatsin wutar mai tsire kuma `AdditiveBlending` na ba su. Tarawa ce zalla, biyu da uku ɗaya ne da uku da biyu, don haka a tsakaninsu ba ruwansu da wanda ya riga. Sai dai na sa musu `fog: false`, domin hoton tartsatsin baƙin baya gare shi, hazo ya rina baƙin ya zama ruwan ƙasa, kowane tartsatsi ya fito a cikin akwati.

Asabar, 28 ga Disamba

Hayaƙin tsire shi ne abin da ya raba ƙafa. Yana tashi a waje, iska ta kwashe shi ta gaban gilashi, wani ya kutsa ta ƙofa ya shiga shago. Duk abu guda ne mai tsakiya guda. In na sa shi cikin kayan waje, wanda ya shiga ciki sai ya hau kan gilashi. In na sa shi cikin kayan ciki, na waje ya koma bayan gilashin. Ba a yanka hayaƙi kamar ganye, kuma tarawa za ta sa ya yi haske kamar wuta.

Akwai hanyar da ke ba da amsa daidai, wadda Cass Everitt ya bayyana a 2001: a zana masu shara-shara sau da yawa, kowane zagaye a ɓare layi ɗaya kamar ɓawon albasa. Amma hayaƙi layi goma ne ko fiye a ɗigo ɗaya, waya ba za ta ɗauki zagaye goma ba. Sai na ba makon nan ga dabarar Morgan McGuire da Louis Bavoil ta 2013, wadda ake taƙaitawa WBOIT.

Tushenta shi ne 0.25 ɗin nan da na ja wa layi ranar 4 ga wata. Rabon abin da ke baya riɓanya `(1 - a)` ne na duk layukan, kuma riɓanyawa ba ta damu da jeri ba, don haka wannan ana samunsa daidai. Sauran kashi uku cikin huɗu ne ake rigima a kai, wa zai samu nawa. Dabarar ta ce a daina jeri, a ɗauki matsakaicin launukan, kowanne da nauyinsa. Na koma kan ja da kore. In nauyinsu ɗaya, matsakaicin (0.5, 0.5, 0) ne, a riɓanya da 0.75 a ƙara rabon bango, a sami (0.625, 0.625, 0.25). Ba ja ba, ba kore ba, amma ba zai yi tsalle ba ko ta ina ka juya. In kuwa aka ba kore nauyi 2, ja 1, amsar ta zama (0.5, 0.75, 0.25), daidai da ta gaskiya. Ke nan duk dabarar ƙoƙari ce ta hasashen wannan nauyin ba tare da sanin wa ke gaban wa ba, kuma abin da take da shi na hasashe shi ne zurfin ɗigon: na kusa ya fi nauyi.

A aikace ana buƙatar allunan ɓoye biyu, ɗaya na tara launi, ɗaya na tara nauyi, ana gwada zurfi da na masu tare gani amma ba a rubutawa, sannan zagaye na ƙarshe ya raba ya ɗora a kan hoton. A WebGL2 ba kowace waya ke barin kowane allo ya yi tasa cuɗanyar ba, don haka na ajiye rabon baya a gurbin alfa na allon farko, umarni ɗaya ya ishe su:

```js
gl.blendFuncSeparate(gl.ONE, gl.ONE, gl.ZERO, gl.ONE_MINUS_SRC_ALPHA);
```

Hayaƙin ya fito da kyau ƙwarai. Yana wucewa gaban gilashi, yana shiga ƙofa, babu tsalle ko ɗaya. Abu mai laushi mai ƙaramin alfa shi ne abincin wannan dabara. Inda ta kasa shi ne takardar farashi da Kawu ya manna a gilashin, wadda muka ba alfa 0.9. Robar gorar da ke rabin mita a bayanta tana leƙowa ta cikinta fiye da kima. Lissafin ya nuna dalili: in na gaba alfansa 0.9 ne, nauyin da ya dace da shi ninki goma ne na na baya, amma rabin mita bai isa ya ba da wannan bambancin ba. Takardar dai ana iya mai da ita ta yanka. Abin da ba a iya kaucewa shi ne kuɗin da ake biya. Allon waya mai ɗigo 720 sau 1600 ɗigo 1,152,000 ne, allon tara launi yana cin bayit 8 a kowanne, sama da megabayit 9, ga na biyun, ga zagayen ƙarshe da ke ratsa allon gaba ɗaya ko hayaƙin bai fi tafin hannu ba. A kwamfutata ban ji komai ba. A tsohuwar wayar ƙanena motsin ya fara sarƙewa, bayanta ya ɗauki zafi.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Na kai wa Kawu wayar bayan la'asar, yana zaune a benci gindin dogon yaron na gaske. Ya daɗe yana zagayawa da yatsa, ya shiga shagon ya fito, ya tsaya kan gororin. Da hayaƙin ya kutsa ƙofa sai ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, wanga hayaƙi ba ya shiga man shago haka. Labule na saka don shi. Abin da ka shiga kaɗan na, ƙamshi ya fi shi yawa." Na ce, "To, Kawu, za a gyara." Na duba ƙofar, ga labulen nan na raga, wanda muka manta da shi gaba ɗaya.

Wannan ya yanke mini shawarar da nake ta juyawa. Mutanen da muke yi wa aikin nan irin wayar ƙanena ke hannunsu, don haka na ajiye WBOIT a gefe, ban goge shi ba. Hayaƙi ya zama biyu: babba a cikin kayan waje, wanda ke dusashewa kafin ya kai layin gilashi, da wani siriri a cikin kayan ciki da ke tashi daga bakin ƙofa. Kowanne yana gefensa kacokan, `renderOrder` ya sake wadatarwa. Layin cuɗanya yanzu gilashi ne, da robobin gorori, da tartsatsi, da hayaƙi biyu.

Labulen shi ne aikin mako mai zuwa, kuma ba zai yi sauƙi ba. Zaren ragar ya fi tsinken ganye siriri, yanka zai cinye shi daga taku uku, ga shi yana kaɗawa yana ƙetare layin gilashin ciki da waje. Zan fara da `alphaHash`, wanda ke yar da ɗigo a warwatse gwargwadon alfa amma ya bar sauran su rubuta zurfi, in ga ko tsakuwa-tsakuwar da yake bari za ta wuce a matsayin saƙar raga. Ƙanena zai je gobe da safe ya ɗauki hoton labulen kafin rana ta haska shi ta baya.